Talata: na bi sawun takardata

Mako guda ke nan da na tura takardar neman aikin akawu a wani kamfanin sayar da taki da iri da ke wajen PZ a nan Zariya, kuma har safiyar yau ko "mun gani" ba a ce mini ba. Ina son aikin nan sosai. Abin da na karanta ne, kuma daga gidanmu a Tudun Wada keke ɗaya zan hau.

Muna karyawa Umma ta ce, "Ka bari in yi wa Kawunka na Sabon Gari magana mana, ai ya san mai wurin tun suna yara." Na ce ta ɗan dakata tukuna. Kamun ƙafa yana da lokacinsa, amma idan babba ya je tun ba a buɗe takardu ba, manaja zai ji an ɗaure shi da kunya, kuma da wannan nauyin zai fara tuna sunana.

Sai na kira Yaya a Kaduna, tunda a ofishin ɗaukar ma'aikata take aiki. Ba ta bari na fara ƙorafi ba, ta ce, "Buɗe sanarwar ka karanta mini." Abu biyu take nema. Na farko ranar rufe karɓar takardu, domin yawancin wurare ba sa duba komai sai an rufe, wanda ya tambaya kafin ranar ya nuna bai karanta sanarwa ba ke nan. Na biyu ko an rubuta cewa waɗanda aka zaɓa kaɗai za a tuntuɓa, ko kuma kada a kira. Ta ce in akwai wannan, in kama bakina. Haka ma in aikin gwamnati ne da ake cikewa ta intanet, babu wanda za a tambaya, jerin sunaye ake jira. Tawa sanarwar ba ta da ko ɗaya: babu ranar rufewa, babu hani, adireshin imel ne kawai. Ta ce, "To ƙanena, kana da hurumin tambaya. Amma fara duba naka ɓangaren."

Na duba. A cikin Sent saƙon yana nan, adireshin daidai harafi da harafi, takardun a maƙale kuma suna buɗewa. Na leƙa Spam ko amsa ta faɗa can, babu. Na tabbatar lambar da ke kan takardar bayanaina ita ce layin da ke cikin wayata, don mutane da yawa kan bar tsohon layi a takarda, a yi ta kira ba a samu, su kuma suna nan suna cewa an yi musu shiru.

Rubuta saƙon shi ya ci mini safiya. Abin da zuciya ke so ta tambaya shi ne, "Kun ɗauke ni ko ba ku ɗauke ni ba?" Yaya ta ce wannan tambayar ce ke sa a ga mutum da naci, domin wanda zai buɗe saƙon galibi sakatare ne, ba shi da amsarta, in ma yana da ita ba shi da izinin faɗa. Tambayar da ba a iya amsawa kuwa ajiye ta ake yi. Sai a tambayi abin da yake hannunsa: takarda ta iso? Yaushe ake sa ran tantancewa? Wannan layi ɗaya zai rubuta ya wuce, bai yi wa kowa alkawari ba. Na daɗe ina juya maganar nan, kuma na yarda da ita har zuciyata. Ba yawan ladabi ne ke raba tuntuɓa da matsi ba, nauyin da ka ɗora wa mai amsawa ne.

Da Turanci na rubuta tunda da shi aka yi sanarwar, amma ga abin da na ce:

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ranar Talatar da ta wuce na turo takardar neman aikin akawu da kuka sanar, tana nan a ƙasan wannan saƙo. Ina so in tabbatar ta iso, in kuma san lokacin da ake sa ran fara tantancewa. Idan akwai wata takarda da ake buƙata, a shirye nake in turo ko in kawo ofis. Na gode."

Sai cikakken sunana da lambar waya. Ban buɗe sabon saƙo ba, na shiga wanda na tura tun farko na danna Forward zuwa adireshin nasu, saboda takardun su sake tafiya tare da shi, kada wani ya tashi neman su cikin tarin saƙonni.

Abin da na hana kaina rubutawa ya fi abin da na rubuta yawa. Babu "har yanzu ban ji daga gare ku ba", don ƙamshin tuhuma gare shi. Babu "don Allah a taimaka mini, ni ne babba a mazan gidanmu". Gaskiya ce, amma tana mayar da mai neman aiki mai neman taimako, kuma kamfani akawu yake nema. Gaisuwa ma layi ɗaya na yi. Da a gabansa nake da na tambayi gajiya da iyali da aiki kamar yadda aka koya mana, amma a rubuce doguwar gaisuwa tana binne tambayar.

Wajen ƙarfe 10 na tura. Litinin ofis a cike yake da abin da ya taru, Juma'a kuwa hankali na kan masallaci tun hantsi, saƙo sai ya kwana har wani mako. Wani abokina ya turo mini lambar manajan ya ce in yi masa WhatsApp. Na gode masa, ban yi ba. Lambar da ba a sa a sanarwa ba ta mutum ce da iyalinsa, kuma tambayar farko da zai yi ita ce wa ya ba ni.

Bayan Azahar na raka Umma Ƙofar Doka dubiya, ina ta taɓa aljihu a hanya.

Ana idar da La'asar amsa ta shigo, layi biyu daga sakatariyar. Takardar ta iso, manaja ya yi tafiya wajen dillalansu saboda damina ta gabato, za a fara dubawa mako mai zuwa. Ban san irin nauyin da ke ƙirjina ba sai da na karanta. Ba a ɗauke ni ba, amma yanzu na san shirun ba nawa ba ne ni kaɗai. Na mayar da "Na gode ƙwarai, Allah ya dawo da shi lafiya", ban ƙara wata tambaya ba.

Da daddare na sake kiran Yaya. Ta ce tunda sun ce mako mai zuwa, in bar makon ya ƙare gaba ɗaya, in ƙara kwana biyu, sannan in tuntuɓa sau ɗaya tak, in ambaci lokacin da su da kansu suka faɗa. In aka yi shiru bayan wannan, in ɗauka an wuce wurin. Ta kuma ja kunnena: duk wanda ya kira ya ce in turo kuɗin fom ko na ganawa, ba daga kamfanin kirki yake ba.

Na sa ranar a kalandar waya. Gobe in sha Allahu zan je Kongo in yi hoton takardar digirina da ta hidimar ƙasa, in haɗa da na asali a fayil ɗaya, sannan in tura wata takardar zuwa makarantar da ke neman mai kula da kuɗi a Samaru.