Ciwon da ke cin ƙafa ta ƙarƙashin fata: abin da aikin tiyata ya koya min

Duk wanda ya taɓa aiki a imajansi ya san kumburarriyar ƙafa ba baƙuwa ba ce, kullum sai an kawo. Yawancinsu selulaitis ne, wato ƙwayoyin cuta sun shiga fata da kitsen da ke ƙarƙashinta, wajen ya kumbura ya yi ɗumi, a ba da antibayotik a ɗaga ƙafar a kan filo, bayan kwana biyu uku ka ga abu ya fara sauka. Amma a cikinsu akwai ƴan kaɗan da ba haka suke ba, kuma wallahi su ne suke hana ni barci, su ne masu nekrotaizin fashiyaitis, wato ciwon da ke kashe naman da ke ƙarƙashin fata yana yaɗuwa da sauri. A rana ta farko kamanninsu ɗaya da selulaitis, shi ya sa ake kwantar da su a wod a ɗaura musu ruwa a ce a jira safiya, kuma safiyar nan ce take tafiya da ƙafar, wani lokacin har da mai ƙafar.

Bambancin yana wajen da ciwon yake zaune. Tsakanin kitse da tsoka akwai wani farin tantani mai ƙwari da ya naɗe tsokar, shi ake kira fashiya. Jini ba ya isarsa sosai, kuma shimfiɗe yake tun daga idon sawu har cinya babu abin da ya tare hanya. In ƙwayoyin cutar suka samu wannan layin sai su yi ta gudu a kansa, suna toshe ƙananan jijiyoyin jinin da suke ratsawa su ciyar da fata. Kamar wutar ƙaiƙayi ce, sama lafiya lau ƙasa kuwa ta cinye. Abu biyu ke biyowa daga nan. Na ɗaya fatar ba ta nuna gaskiyar ɓarnar sai can daga baya. Na biyu kuma, wanda na fi so ƙannenmu su riƙe, antibayotik ta jini yake tafiya, naman da jijiyoyinsa suka toshe ya mutu ko ka zuba masa maganin miliyan ɗaya ba zai kai gare shi ba. Dole sai wuƙa.

Alamar da ta fi kowace zuwa da wuri ita ce ciwon da ya wuce abin da ido ke gani. Ka duba ƙafa ka ga ɗan kumburi, amma mutum babba yana juyi yana salati yana gumi, an yi masa allurar kashe zafi ko gezau. Mai selulaitis yana jin zafi in ka taɓa wajen da ya kumbura, ka matsa gaba kaɗan sai ya ce nan ba komai. Wannan kuwa ka danna can sama, inda fata take daidai a ido, sai ya zabura. Kumburin ma ya zarce iyakar wajen da ya canza kala, kuma yana da tauri, ba ya lotsawa yadda aka saba. Su ƙuraje masu ruwan jini-jini, fata ta yi baƙi ko toka-toka, ƙarar iska ƙaras-ƙaras in ka danna, ko wajen ya mutu mutum ya daina ji, duk gaskiya ne suna cikin littafi, amma alamomin ƙarshe ne. Wanda ya ce sai ya gansu zai yarda to ya makara. Kuma daina jin zafin nan yana yaudarar ƴan uwa, sai su ce alhamdulillahi ya samu sauƙi ya yi barci, alhali jijiyoyin da ke kai saƙon zafin ne suka mutu.

Mu nan muna da ƙarin matsala, littattafan suna ta maganar fata ta yi ja, mu kuma fatar mutanenmu jan ba ya fitowa sosai, sai dai ka ga wajen ya ƙara duhu yana sheƙi. Don haka na koyi dogara da hannu fiye da ido. In shafa da bayan hannu in ji inda ɗumi ya tsaya, in danna in ji inda zafi ya tsaya, in sa biro in zagaye iyakar in rubuta lokaci a jikin fatar, sannan in dawo da kaina bayan awa ɗaya ko biyu. Selulaitis ba kasafai yake tsallake layin biro cikin awa biyu ba.

Akwai wani bawan Allah manomi, shekarunsa za su kai 50, yana da ciwon suga amma ya daɗe da ajiye magani. Kara ne ya soke shi a ƙwauri a gona, ƙaramin rauni, da ya fara ciwo aka je kemis aka sayo masa daikulofenak yana ta sha, aka kuma shafa wani haɗi na gida. Irin waɗannan magungunan suna danne zazzaɓi da zafi, sai mutum ya zo jikinsa ba zafi sosai ka ɗauka abin da sauƙi. Takardar da aka turo shi da ita selulaitis aka rubuta. Zafin jikinsa 37.8 ne kawai, amma bugun zuciya 124, hawan jini 95 bisa 60, numfashi sama-sama, suga ya hau har 21. Kumburin da ake gani bai wuce tafin hannu biyu ba, amma in ka danna bayan gwiwa sai ya yi ƙara. Wannan bugun zuciyar da hawan jinin ba na ɗan kumburin ƙwauri ba ne, jikin yana gaya maka guba ta shiga jini.

Babbanmu da ya zo bai tsaya jiran komai ba. Ya ce “Malam, ƙafar nan ciwon yana ciki ne, ka ba ni izini in ɗan tsaga in gani.” Aka yi allurar kashe waje, ya tsaga kamar santimita 2 har ya kai kan fashiya. Jini bai fito ba, wanda lafiyayyen nama dole ya yi jini. Sai wani ruwa tsinkakke mai toka-toka, wanda a wajen aiki ake ce masa ruwan wanke-wanke, ba mugunya mai kauri irin ta maruru ba. Ya sa yatsa, yatsan ya wuce sumul tsakanin kitse da fashiya babu abin da ya riƙe shi. A lafiyayyar ƙafa ba za ka iya raba su da yatsa haka ba. Shi ke nan magana ta ƙare, sai tiyata.

Wasu za su ce ina gwajin jini, ina hoto. Akwai wani lissafi da ake kira LRINEC da likitoci a Singafo suka fitar a 2004, ana haɗa sakamakon gwajin jini na CRP, wato ma'aunin kumburi a jiki, da fararen ƙwayoyin jini da himogulobin da sodiyam da kiriyatinin da suga, in maki ya kai 6 sai a ƙara zargi. Yana da amfaninsa, musamman sodiyam in ya faɗi ƙasa da 135 ina ɗaukarsa da muhimmanci. Amma maki ƙasa da 6 ba ya wanke ƙafa, mutane da yawa masu ciwon makinsu bai kai ba. Eksire kuma iska kawai zai nuna, kuma ba kowane ke da iska ba, musamman wanda ƙwayar cutar sitirep rukunin A ta kawo, wanda shi yake kama matashi mai lafiya garau ba suga ba komai. A wajenmu kuma da sakamakon CRP zai iya kwana, ko a ce a ɗauki mara lafiya a kai shi wani gari yin hoton sitiskan, ni a ganina wannan jiran zalunci ne ga mara lafiyan. A ɗibi jinin a tura, amma kar sakamakon ya zama sharaɗin shiga tiyata. Bincike ya nuna waɗanda aka yi wa aiki cikin awa 6 zuwa 12 na farko sun fi tsira, kuma ko a manyan asibitocin duniya ciwon nan yana kashe kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar.

Kafin a shiga an sa masa layi biyu ana zuba ruwa, an sa katita don a ga fitsarin da ƙoda ke yi, an fara insulin, an nemi jini an yi allurar tetanus. Antibayotik kuma mai faɗi, mu abin da hannu ke kaiwa seftiriyazon da metronidazol, sai kilindamaisin, shi wannan amfaninsa yana hana ƙwayoyin cutar ƙera gubar da ke jefa mutum a shok, wato hawan jini ya faɗi ƙasa warwas. A ciki kuwa an buɗe tun daga idon sawu har saman gwiwa, ana yanke duk abin da ya mutu har sai an kai naman da ke jini da fashiyar da ta ƙi rabuwa da yatsa. Nan ne tausayi ke iya cutarwa, ka ga fata mai kyau ka ji ba ka son taɓa ta, amma in ka bar mataccen nama a ƙarƙashinta gobe za ka same shi a cinya. Ba a ɗinkewa, a buɗe ake bari, kuma a koma a sake dubawa cikin awa 24 ko da mara lafiya ya yi kyau. Shi sai da aka ƙara yanke wani a komawa ta biyu.

Abin da ya fi ba mu wuya sau da yawa ba aikin ba ne, sa hannu ne. Da an ce tiyata abin da ƴan uwa ke ji shi ne za a yanke ƙafa, sai a ce bari a kira yayansa yana hanya, bari a yi shawara, ga kuma maganar kuɗi, kuma ban ga laifinsu ba don su ɗan kumburi suke gani. Na koyi in ja babban cikinsu gefe in ce “Baba, ba ƙafar za mu cire ba, naman da ya mutu za mu cire don ƙafar ta tsira, amma ba zan ɓoye maka ba, in mun buɗe mun ga ya ci tsoka to zan fito in sake maka magana, kuma in muka kai gobe ransa ma yana cikin haɗari.” In nuna masa layin biron da kumburi ya tsallake, wannan yana gamsar da mutane fiye da dogon bayani. Sannan in faɗa tun farko cewa aikin ba ɗaya ba ne, kuma raunin zai yi girma ƙwarai, don kar su gani a wajen diresin su ɗauka an yi ɓarna.

Manomin nan ƙafarsa ta tsira. Ya yi makonni ana wankin ciwo, ana fama da suga, ana tura masa ƙwai da wake da nama don irin wannan buɗaɗɗen raunin yana zubar da furotin sosai, har nama ya ciko ja mai kyau sannan aka ɗebo fata daga ɗaya cinyar aka dasa. Gwiwar ta ɗan ƙage saboda daɗewa a kwance, sai da masu gashin ƙashi suka yi ta aiki a kanta kafin ya iya miƙe ta, kuma da sanda ya fita ranar da aka sallame shi.