Ga sabon mai yankanmu, teburin yanka ya koma hannunsa

Assalamu alaikum abokan hulɗa. Dattijon da za ku gani idan kun zo, tef rataye a wuya, alli a hannu, shi ne sabon mai yanka a shagonmu. Daga yanzu duk yadin da ya shigo sai ya bi ta teburinsa kafin ya isa kan keke. Yaran shago Baba suke ce masa, ku ma idan kun zo haka za ku kira shi.

Mutane kan yaba wa mai keke da mai surfani, don aikinsu ne ido ke fara gani. Amma zaman riga a jiki daga almakashi yake. Ɗinki idan ya karkace ana iya warwarewa, duk da cewa shadda mai maiƙo ba ta yafe huda, sawun allura yana nan ko an goge. Yanka kuwa in ya ɓaci ya ɓaci.

Abu na farko da Baba yake yi shi ne auna yadin a gaban mai shi. Yadi ɗaya inci 36 ne, mita kuma ta ɗan haura inci 39, kuma sau da yawa abin da aka sayar wa mutum a matsayin yadi biyar sai a tarar huɗu da rabi ne. Gara a sani tun a nan, kada ƙafar wando ta gaza a ce tela ne ya ci. Daga nan sai ya shimfiɗa shaddar ya duba inda furenta ya fuskanta, ya yi alama da alli a bayan kowane ƙyalle. Gaba, baya da hannaye duka sai sun kalli gefe guda. In aka juya hannu ɗaya don a tsimi yadi, a cikin shago ba za ka lura ba, sai an fita rana ka ga hannun ya fi jikin rigar duhu.

Inda ya fi burge mu shi ne awon masu tumbi. A ce mutum ƙirjinsa 44, cikinsa 48. Mai gaggawa da awon ƙirji zai yanka, sai rigar ta ɗame a ciki, aljihun gefe ya buɗe baki. Baba da 48 yake aiki. Yana ƙara inci 6 na sakewa, ya zama 54, ya raba gida huɗu, kowane kwata inci 13 da rabi, sannan ya bar inci ɗaya a gefe don ɗinki da gyaran gaba. Bai tsaya nan ba. Tumbi yana ɗage gaban riga, shi ya sa za ka ga kaftani gabansa ya ɗare sama, bayansa na jan ƙasa. Don haka yakan ƙara wa gaban inci ɗaya ko ɗaya da rabi a tsakiya, ya tafi da shi a hankali har ya haɗu da tsawon baya a gefe. In an kalmashe, bakin rigar sai ya zauna daidai.

Kafaɗa ma haka. Wani tasa a miƙe take, wani ta zube. In ka ga riga ta tattare a bayan wuya, an zubar da kafaɗar fiye da ta mai ita. In kuma ninki ya gangaro daga wuya zuwa hammata, kafaɗar mutumin ta fi ta rigar zubewa. Tef kaɗai ba ya nuna wannan, sai an kalli tsayuwar mutum. Shi ya sa ba ma son awon da ake turowa ta waya, balle a aiko da tsohuwar riga a ce "kamar wannan", alhali mai ita ya ƙara ƙiba tun bara.

Masu cewa a wani wurin ana yi musu a rabin kuɗinmu, gaskiya ne, ana yi. Can jera yadin mutum biyar ake yi a ɗora tsohon kwali a yanke su lokaci guda, wanda ta zauna masa ya yi sa'a. Mu riga ɗaya ake shimfiɗawa, da awon mai ita a littafi, kuma wannan yana cin lokaci.

Saboda haka masu ɗinkin Sallah, a taimaka a kawo da wuri, kuma a zo da kai ko sau ɗaya ne. A zo da irin takalmin da za a sa, don da shi Baba yake tsayar da tsawon wando. Kaftani da wando na babban mutum a tanadi yadi biyar, cikakkiyar babbar riga da 'yar ciki da wando kuma yadi goma.