Mako na shida: jaka huɗu, an sayi biyar

Salam 'yan uwa masu koyo, kwana biyu kun ji ni shiru, to ba lafiya ce ta ɓoye ni ba, teburin lissafina ne ya kunyata ni a gaban kwastoma, na ce bari in zauna in rubuta yadda abin ya faru tun ban manta ba, ko wani zai tsallake ramin da na faɗa.

Ga wanda bai bi rubutun baya ba, jakunkunan hannu nake ɗinkawa ina sayarwa a wuri uku, kasuwannin intanet guda biyu sai shagona na kaina, kuma duk ƙidayar kayan tana cikin tebur ɗaya a Google Sheets. Matsalar tun asali ita ce in kana da jaka shida ka rubuta 6 a ko'ina, to alƙawarin jaka 18 ka ɗauka ba tare da ka sani ba, domin ko wace kasuwa nata cinikin kawai take gani, ba ruwanta da abin da ya faru a maƙwabta. A makon jiya na haɗa wani ɗan shiri a Apps Script, wato wurin rubuta shirye-shirye na Google, da yake tashi duk minti 15, ya karanta adadin da ke tebur ya aika wa wuraren ukun, ni kuma da safe sai in shigar da ododin da suka shigo da hannu. Da na ga ya yi aiki har wani fankama nake, ashe tarko na ɗana wa kaina.

Ga yadda daren ya kasance, da na bi sawu daga baya. Baƙar jaka mai lamba JK-BAKA-01 saura 4, tebur ya ce 4, ko'ina 4, lafiya lau. Ƙarfe 9:06 na dare wata ta sayi guda biyu a kasuwa ta ɗaya, kasuwar ta yi abin da ya dace, ta rage da kanta ya koma 2. Ƙarfe 9:15 shirin nawa ya tashi, ya leƙa tebur ya ga har yanzu 4 ne tunda ni ina barci ban shigar da komai ba, sai ya ɗauki 4 ɗin ya tura ko'ina, har da kasuwar da ta riga ta rage. Wato jaka biyu da aka sayar sun dawo kan kanta kamar ba a taɓa su ba. Wajen 10:40 wani ya ɗauki biyu a kasuwa ta biyu, shirin ya sake mayar da ita 4, da asuba kuma aka ɗauki ɗaya a shagona. Na tashi na tarar an biya kuɗin jaka biyar, huɗu ne a hannuna, kuma duk wuraren uku suna ta tallan cewa akwai saura 4. Da ranar kasuwa ce mai zafi da Allah kaɗai ya san inda za a tsaya. Dole na ba mutum na ƙarshe haƙuri na mayar masa da kuɗinsa, kuma soke oda saboda kaya sun ƙare ba ƙaramin abu ba ne, kasuwanni da dama suna rubuta shi a matsayin laifin mai sayarwa.

Alamar da za ku gane wannan cuta mai sauƙi ce: in kun ga adadi ya ƙaru a kasuwa alhali ba ku kawo sabon kaya ba kuma ba a soke wata oda ba, to wani abu ne yake rubuta tsohuwar lamba a kan sabuwa. Ni da na duba tarihin jakar sai na ga 4, 2, 4, 2, 4 kamar ana wasa da ni.

Gyara na farko shi ne na daina rubuta sauran kaya da hannu kwata-kwata, wannan ne ma abin da ya fi komai yi min amfani. Da ɗaki ɗaya ne a tebur mai ɗauke da lamba, in an saya in goge in rubuta sabuwa, to ranar da lambar ta yi ƙarya ba yadda za ka san daga ina ƙaryar ta faro. Yanzu na buɗe shafi na biyu na sa masa suna Motsi, duk abin da ya taɓa kaya layi ɗaya yake samu: A kwanan wata, B lambar kaya, C wace kasuwa, D lambar oda, E adadi. Na ɗinka shida, layi ɗaya da 6. An sayi biyu, layi ɗaya da -2. Ba a goge layi, ba a gyara layi, in an yi kuskure sai a ƙara wani layin da zai warware shi. A shafin Kaya kuma fomula ce take tara su ta fitar da saura:

```
=SUMIFS(Motsi!E:E, Motsi!B:B, A2)
```

Ku yi hattara da lambar kayan nan, dole ta zama iri ɗaya sak a duk kasuwannin da kuma tebur. SUMIFS ba ta damu da babban baƙi ko ƙarami ba, amma sarari guda a ƙarshen lamba ya isa ta ɗauke ta a wani kaya daban, na ɓata kusan awa ɗaya ina neman jaka uku da suka ɓace ashe yatsana ne ya taɓa sarari bayan 01. TRIM tana share irin wannan. Sannan ko wane launi da ko wane girma lambarsa daban, kar ku haɗa baƙa da ja a lamba ɗaya don kawai ɗinkinsu ɗaya ne.

Gyara na biyu shi ne tsarin aikin shirin. Yanzu in ya tashi, sai ya fara ɗauko sabbin odoji daga wuraren uku ya zuba su a Motsi, tebur ya yi lissafi, sannan a tura. Kuma na sa masa sharaɗi, in ko da kasuwa ɗaya ta ƙi amsawa wajen ɗauko oda, to kar ya tura komai a wannan zagayen, ya haƙura sai na gaba, gara lamba ta tsaya yadda kasuwa ta bar ta da a rubuta mata ta jiya. Nan ma sai da na yi tuntuɓe, na danna shirin da hannu don gwaji daidai lokacin da na atomatik yake aiki, oda ɗaya ta shiga sau biyu, tebur ya ce jaka ta ƙare alhali ga ta a gabana. Wannan kuskuren bai kai na farko ciwo ba tunda ciniki kawai ka rasa, amma dai kuskure ne. Maganinsa LockService, wanda yake hana zagaye biyu shiga tebur a lokaci guda, sai kuma wannan fomula da na sa a conditional formatting na shafin Motsi don ta riƙa shafa wa layi jan launi in an maimaita shi:

```
=COUNTIFS($C:$C, $C2, $D:$D, $D2, $B:$B, $B2)>1
```

Na haɗa kasuwa da lambar oda da lambar kaya ne saboda oda ɗaya tana iya ɗaukar kaya kala biyu, layi biyu ke nan kuma duk halal ne. Layin sabon ɗinki da na soke oda kuwa ina ba su tasu lambar a D don kar su yi ja a banza.

To amma fa kar in yaudare ku, duk wannan bai rufe ƙofar gaba ɗaya ba. Tsakanin zagaye da zagaye akwai minti 15 da kasuwannin ba su san halin juna ba, in jaka ɗaya ce ta rage kuma tana wuri uku, mutum biyu za su iya biyan kuɗinta a cikin wannan tazarar kuma ba wanda ya yi laifi. Apps Script yana ba da zaɓin minti 1, 5, 10, 15 ko 30, na yi tunanin in mayar da shi minti ɗaya, sai na ga tazarar raguwa kawai za ta yi ba ɓacewa ba, ga kuma iyakar lokacin aiki da ake ba shiri a rana da iyakar yawan tambayar da kasuwa take yarda a yi mata. Wasu suna cewa a riƙa ɓoye guda ɗaya, kana da 3 ka nuna 2. Yana taimakawa, amma ku lissafa, 2 a wuri uku 6 ke nan a kan jaka 3, har yanzu alƙawarin ya fi kayan yawa. Abin da kawai yake ba da tabbaci shi ne jimillar abin da aka nuna a ko'ina kar ta wuce abin da ke hannu.

Shi ya sa na yi tsaka-tsaki. In kaya suna da yawa ina nunawa ko'ina, don a yadda cinikina yake tafiya da wuya a kwashe jaka shida cikin rubu'in awa. Da zarar saura ya sauko 2 ko ƙasa, sai wuri ɗaya kawai ya riƙe su, wanda jakar ta fi tafiya a cikinsa, sauran biyun su koma sifili. Fomular sauran biyun ke nan, B2 shi ne saura, in ya fi 2 kuma suna nunawa amma a ɓoye guda ɗaya:

```
=IF(B2<=2, 0, B2-1)
```

Na san ina rasa ɗan ciniki a haka, jakar ƙarshe takan daɗe kafin ta tafi, amma a wurina ya fi sauƙi a kan rubuta saƙon ban haƙuri. Wanda kayansa suke gudu sosai sai ya ɗaga 2 ɗin zuwa 5 ko fiye, gwargwadon abin da ya taɓa sayarwa a rubu'in awa mafi zafi, Motsi zai nuna masa in yana rubuta lokaci tare da kwanan wata. Kafin ku tura sifili kuma ku duba abin da kasuwar take yi da shi, a eBay misali sai ka kunna zaɓin out-of-stock sannan tallan zai ɓuya ya jira ka, in ba haka ba ƙarewa yake yi.

Kayan da aka dawo da su ba na ƙara su sai sun iso hannuna na duba zif da ɗinki, don jakar da ke hanya ba jakar sayarwa ba ce. Ranar Asabar na zube komai na ƙirga da hannu, kala 14, goma sha uku sun yi daidai da tebur, ja ce kawai tebur ya ce 5 na ƙirga 4, sai can na tuna na ba ƙanwata ɗaya ban rubuta ba, na ƙara layi da -1 na rubuta kyauta a gefe.

Aikin mako mai zuwa shi ne saiti, akwai tallan da na haɗa jaka da ƙaramar alabe a matsayin abu ɗaya, kuma ko wannensu ana sayar da shi shi kaɗai. Shirina shi ne saitin kar ya samu ƙidayar kansa, in an saye shi ya sauke layi biyu a Motsi, -1 na jaka da -1 na alabe, adadin da za a nuna kuma ya zama MIN, wato mafi ƙanƙanta a cikin sauran su biyun. Kafin in gama wannan na sauke tallan saitin daga kasuwannin biyu, yana shagona kawai.