Adashi da rance: lambar kwasarka ce ke raba su

Na daɗe ina zuba adashi, na kuma riƙe littafinsa, kuma tambayar da aka fi yi mini ita ce ko adashi ya fi rance. Amsata kullum tambaya ce: kai na nawa ne a layin kwasa? Domin mutum biyu suna iya zama a adashi ɗaya, zubinsu ɗaya, amma ɗaya bashi ya ci, ɗayan kuma bashi ya bayar.

Ga lissafin da nake nuna wa duk sabon shiga. Mu goma sha biyu ne, kowa yana zuba 10,000 duk wata, kwasa ta zama 120,000. Wanda ya kwashi farko 10,000 kaɗai ne nasa a ciki. Sauran 110,000 kuɗin mutane ne, zai biya su cikin wata 11 ba tare da ƙarin ko sisi ba. Na shida, ranar da ya kwasa ya riga ya zuba 60,000, saboda haka rabi nasa ne, rabi bashi. Na goma sha biyu kuwa bai ci bashin kowa ba. Wata 11 ya yi yana ranta wa 'yan uwansa kyauta, aka tara masa nasa aka mayar masa.

Rance ba haka yake ba. Mai ba da shi daban, mai karɓa daban, kuma kai ne ke zaɓar ranar da kake son kuɗin. Wannan zaɓin ne kake saye da kuɗin ruwa. A ce an ba ka 120,000 a kan ruwa kashi 3 cikin 100 duk wata, ana lissafa shi a kan uwar kuɗin gaba ɗaya har shekara. Ruwan wata 3,600 ke nan, na shekara 43,200, jimilla za ka biya 163,200, wato 13,600 duk wata maimakon 10,000. Galibi kuma sai ka kawo jingina ko wanda zai tsaya maka, kuma akwai takardar da za a iya kai ka ƙara da ita. A adashi jinginarka mutuncinka ne da sanin da aka yi maka.

Mutane suna cewa adashi ba shi da ruwa, kuma gaskiya ne, amma ba kyauta ba ne. Na ƙarshen layi ne ke biyan kuɗinsa ba tare da an rubuta ba. Idan abin da kake son saye 120,000 ne ranar da aka fara, kaya kuma suka tashi da kashi 20 cikin 100 a shekarar, na farko ya saya ya wuce wurin, kai na ƙarshe sai ka tarar da shi 144,000, ka koma neman cikon 24,000. Akwai kuma adashin da uwar adashi ke cire ladanta daga kowace kwasa. Ba laifi ba ne, aiki take yi, amma a faɗa tun farko a kuma sa shi a lissafi.

Inda adashi ke karyewa kusan wuri ɗaya ne: wanda ya kwasa ya daina zubi. Kafin mutum ya kwasa ba a bin sa da zubi, shi ke kawowa tun kafin rana, don kuɗinsa na hannun mutane. Bayan ya kwasa ne ake gane halinsa. A lissafinmu na sama, idan na uku ya kwasa ya ɓace, ya zuba 30,000 ya tafi da 120,000, ya bar ramin 90,000. Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne wanda ramin ke faɗa wa. Na farko da na biyu sun karɓi nasu cif. Mutum tara da suka rage ne kowa zai karɓi 110,000. Shi ya sa nake nacewa a rubuta tun ranar farko cewa idan wani ya gaza, sauran goma sha ɗaya za su raba gurbinsa. Kowa zai ƙara kimanin 910 a wata, abin da za a iya ɗauka, kuma waɗanda suka riga suka kwasa ba za su naɗe hannu suna kallo ba.

Alamun matsala suna fitowa da wuri ga mai lura. Wanda bai kwasa ba tukuna amma yana makara da zubi, bayan ya kwasa abin zai ƙaru ne. Wanda ke yawan roƙon a yi masa musayar lamba ya dawo gaba, ko wanda aka ji yana cikin adashi uku ko huɗu, sau da yawa da kwasar wannan yake zuba wancan, ranar da ɗaya ya tsaya duka za su zube. Mafi muni shi ne hannun da ba a san mai shi ba. Idan uwar adashi ta ce "wata ƙawata ce ta ɗauki hannu biyu" kuma hannayen nan su ne a gaban layi, a nemi ganin ƙawar nan da ido. Dokokin da na ga suna aiki kaɗan ne: sabon shiga a ƙarshen layi yake farawa, duk wanda ya kawo mutum shi zai tsaya masa, a ba da rangwamen kwana uku bayan ranar zubi sannan tara ta hau, kuma kowa ya iya ganin littafi duk lokacin da ya so. Lambobin tsakiya a raba su da ƙuri'a a gaban kowa.

To yaushe ya kamata a dogara da adashi? Idan buƙatar tana da rana sananna kuma lambarka ta faɗo kafin ranar, kamar kuɗin haya, kuɗin makaranta ko sarin kaya na wani lokaci. Ni wata guda nake bari tsakanin kwasa da ranar biya, domin kwasa kan yi jinkirin mako ɗaya ko biyu. Yana kuma amfani ga wanda kuɗi ba sa kwana a hannunsa, don kunyar jama'a tana tilasta ajiyar da asusu ba ya iyawa. Sharaɗin shi ne samunka ya zama mai zuwa a kai a kai. Da watanka mafi muni za ka auna zubi, ba da mafi kyau ba, kuma a ganina kada ya wuce ɗaya bisa biyar na abin da ka samu a wannan watan.

Ga rashin lafiya ko gobara adashi ba abin dogaro ba ne, kuɗinka suna hannun mutane kuma ba ka da ikon cire su kafin lambarka. Wani lokaci 'yan adashi kan tausaya su yi musaya, amma alfarma ce, ba haƙƙi ba.

Akwai kuma inda rance, duk da ruwansa, ya fi arha. A ce injin 120,000 kake so, wanda zai riƙa kawo ribar 15,000 duk wata, lambarka kuma ta goma ce. Jiran wata tara ya cinye maka 135,000, alhali ruwan rancen 43,200 ne. Amma wannan lissafin yana tsayawa ne kawai idan ribar tabbatacciya ce, wadda ka gani a hannun mai irin injin, ba wadda ka ƙiyasta a zuci ba. Idan ribar ta sauko zuwa 4,000 a wata, jiran 36,000 kaɗai ya ci maka, adashin ya koma shi ne mai sauƙi. Wanda kuma ba ya ta'ammali da kuɗin ruwa, abin da ya rage masa shi ne ya nemi lambar gaba tun kafin a rufe layi, ya kawo wanda zai tsaya masa, ko ya shiga adashin mutum shida mai zubin 20,000 inda jira mafi tsawo wata biyar ne.