Guzurin hanyar Kano zuwa Kumasi: abin da mutum ɗaya ke ci a rana

Mutumin da ke zaune a mota tun safe har dare ba ya cin abin da yake ci a gida. Cikinsa a takure yake, ba ya motsi, ga zafi ga jijjiga, don haka kwanon tuwon da yake tashi da shi a gida ko rabinsa ba zai iya ba. Ruwa ne yake sha fiye da yadda ya saba. A kan wannan na gina lissafina lokacin da ɗawainiyar guzuri ta faɗo kaina, za mu biki Kumasi ta mota, ni da Hajiyarmu da ƙanena da yarana biyu, dukansu ba su kai shekara goma ba.

Kafin in auna komai sai da na ƙirga bakuna da kwanaki. Babba baki ɗaya ne, yaron da bai kai shekara goma ba rabin baki, wanda ya haura goma kuwa a ƙirga shi cikakke, don wani ma ya fi uwarsa ci. Mu biyar muka zama baki 4. Kwanaki kuma ban ɗauki maganar 'yan tasha ba, don su kullum "gobe war haka kuna can" ne. Kano zuwa Legas wuni ne da kwana. Daga Legas zuwa Akara tafiyar ba ta kai kilomita 500 ba, amma akwai iyaka uku a tsakani: Seme, sai ta tsakanin Binin da Togo, sai Aflawo, kuma kowacce tana iya cin sa'o'i. Daga Akara zuwa Kumasi akwai wani rabin wunin. Na sa kwana 3, na ƙara ɗaya na ko-ta-kwana saboda lalacewar mota ko tsaiko a iyaka, suka zama 4. Ranar farko ta dafaffen abinci ce, saura kwana 3 na busasshe. Baki 4 sau kwana 3, rabo 12 ke nan, kuma da wannan 12 ɗin na riƙa ninka duk abin da na saya.

Ma'aunina gwangwanin madara ne, ƙaramin nan da kowace mace ke da shi a kicin. Rabon babba ɗaya na rana guda: garin kwaki gwangwani ɗaya da rabi, ƙuli-ƙuli dakakke cikin tafin hannu, sukari cokali biyu, soyayyiyar gyaɗa rabin gwangwani, dambun nama cikin tafin hannu mai kyau, dabino 7, burodi yanka huɗu ko biyar, da ƙullin madarar gari ɗaya na shayi. Ba a ka na tsaya nan ba. Babban mutum da ba ya aikin ƙarfi yana bukatar kalori wajen 2,000 a rana. Giram 100 na garin kwaki yana ba da kusan 350, gyaɗa kuwa giram 100 ta haura 550, shi ya sa rabin gwangwaninta ke riƙe ciki fiye da yadda ido ke gani. Idan aka haɗa rabon nan gaba ɗaya yana kaiwa 1,700 zuwa 1,900, ɗan giɓin da ya rage kuma ayaba ko lemo ko dafaffiyar masara ta bakin hanya ce ke cike shi.

Da na ninka, gari ya tashi gwangwani 18, kusan kilo biyu. Gyaɗa gwangwani 6. Dabino 84, na cike shi ɗari. Dambu ne ya fi cin kuɗi, don nama ja da baya yake yi: tsoka kilo biyu na saya, bayan dafawa da daka da suya abin da ya fito bai cika kilo ɗaya ba, kuma hakan ya ishe mu har da ragi. Wurin suyar dambun tafiya ba a gaggawa. Sai ya daina tururi, ya yi wasar-wasar, idan kika damƙa kika saki ya watse bai dunƙule ba. Sannan a baza shi a faranti ya huce sarai kafin a ƙulle. Dambun da aka zuba a leda da ɗuminsa zai yi gumi, gumin nan kuma shi ke kawo fumfuna.

Burodi kaɗai ne ban ninka da 12 ba. Na kwana biyu na saya, domin a leda cikin zafin mota ba ya wuce haka da daɗinsa, kuma Legas ba a rasa burodi.

Ƙanena ya ga ledoji jere a tabarma ya ce, "Yaya, wai ƙaura za mu yi? Ai ana sayar da abinci a hanya." Gaskiya ne ana sayarwa, kuma a Najeriya mun saya. Amma bayan Seme kuɗin ya koma sefa, bayan Aflawo ya koma sidi, ba kowane lokaci mutum ke da canji a hannu ba. Mota kuma ba ta tsayawa lokacin da yaro ya ji yunwa, sai lokacin da direba ya ga dama. Ga Hajiya ba ta cin naman da ba ta san wanda ya yanka ba, ko da za ta wuni da yunwa.

Abincin ranar farko shi ne wanda mutane suka fi cikawa, shi ne kuma ya fi zuwa bola. Na dafa shinkafa da wake gwangwani ɗaya ga kowane baki, gwangwani 4 ke nan ɗanye, da mai da yaji a gefe, ba miya, ba ganye. Na zuba ta a kula da zafinta da asuba, muka cinye kafin azahar. Ka'idar da masana lafiyar abinci ke bayarwa ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a waje bayan ya huce, idan ana tsananin zafi ma awa ɗaya. Kula tana ƙara lokaci ne muddin abincin na da zafi sosai. Da zarar kin buɗe kin ji ɗumi-ɗumi kawai, lokaci ya fara ƙurewa. Shinkafa ta fi ban tsoro a nan, domin tana iya ɓata ciki tun ba ta yi tsami ko yauƙi ba, hanci ba ya kama ta. Wata baiwar Allah a kujerar bayanmu ta taho da babbar kula cike da dafa-duka da kifi, ta ce har Legas za ta kai su. Da magariba da ta ɗaga murfin, ruwan gumi na ɗiga daga cikinsa, warin ya gauraye motar, dole ta juye a bakin titi. Dafaffen ƙwai ma na ranar farko ne, biyu ga kowane baki, da ɓawonsa, wanda ya fashe kuma a fara cinye shi.

Ruwa ne ya fi komai nauyi. Ledar ruwa ɗaya rabin lita ce, jaka kuma ɗauke take da 20. Na sa leda 6 ga kowane baki a rana, lita 3, domin ba sha kaɗai ba ne, garin kwaki ma da shi ake jiƙawa, kuma duk wanda ya ci busasshen abinci sai ya nemi ruwa. Baki 4 leda 24 ke nan, jaka guda da 'yan kai. Ba wanda zai ɗauki na kwana huɗu a ƙarƙashin kujera, kilo goma ne kowace jaka, saboda haka jaka ɗaya muke shiga da ita mu sake saye kafin ta ƙare, ba bayan ta ƙare ba. Ruwan alwala da wanke hannu daban yake a jarka, kada a taɓa na sha. Saboda ruwan ne ma na rage kilishi zuwa ɗan na marmari. Yana da daɗi kuma ba ya saurin lalacewa, amma yaji da gishirinsa suna sa mutum ya shanye rabon ruwansa kafin la'asar.

Akwai abin da mu mata muke yi a doguwar tafiya wanda ba ma faɗa: ƙin shan ruwa don gudun neman makewayi. Hajiya ta yi haka a rana ta biyu. Ledarta ɗaya ta riƙe tun safe, tana ɗan tsotsa tana ƙullewa da bakin gyale. Wajen la'asar ta fara dafe goshi, leɓenta ya bushe. Na ce, "Hajiya, ki daure ki sha, in an tsaya ni zan raka ki." Ta ce, "Ke dai bar ni, wa zai tsayar da mota saboda tsohuwa?" Dabarar da ta yi mana aiki ita ce shan mai yawa daidai lokacin da aka tsaya salla ko shan mai, tun ana sauka, a kuma zaga kafin a hau, sannan a cikin mota a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Ciwon kai da fitsari mai duhu su ne alamar ruwan bai isa ba, a yara kuma sai ki ga sun yi laushi sun daina rigima.

Yadda aka ƙulla guzurin ma yana taɓa lissafi. Idan gyaɗa na cikin babbar leda ɗaya, hannu ba ya sanin iyaka, yara za su gama da ta kwana uku kafin Zariya. Na ƙulla na kowace rana a ledarsa, na ranar ko-ta-kwana kuma na tura shi can ƙasan jaka. Gari a roba mai murfi, kofi da cokali ga kowa. Sannan akwai rabon da ba ya cikin baki 4 ɗin nan. Ba yadda za a yi ki buɗe dambu maƙwabciyar kujera na kallo ba ki ce bismilla ba, ga yaron mota, ga ɗan wata da ya zuba miki ido. Wannan ba a hana shi, sai dai a yi masa tanadi. Na ware ƙulli guda na gyaɗa da dabino da cincin, kimanin rabon baki ɗaya a kowace rana, daga nan nake miƙawa, ban taɓa na yara ba.

Mun shiga Kumasi a daren rana ta uku. Gyaɗa da dabino sun ƙare tas har sai da muka taɓa na ranar ko-ta-kwana, dambu ya yi saura kaɗan, gari kuwa kusan kashi ɗaya cikin uku ya rage, domin jiƙa shi a mota mai tafiya wahala ne, sai an tsaya ake sha. Da za mu dawo na mai da gari gwangwani ɗaya ga baki, na ɗaga gyaɗa zuwa kashi uku cikin huɗu na gwangwani, dabino 10. 'Yan'uwanmu na zango suka haɗa mana da kwalbar shito, yajin nan nasu da ake soyawa da mai da busasshen kifi har ya yi baƙi, wanda ke jure kwanaki muddin mai ya rufe samansa kuma cokalin da ake ɗiba busasshe ne. Cokali ɗaya a cikin burodi ya ishi babba kalaci, kwalba ɗaya kuma ta kai mu har Kano.