Kaji ɗari biyar da na rubuta wa mutumin da ban tambaya ba

Ƙarshen watan nan zan ajiye aiki a ofishin da na yi shekara huɗu ina rubuta wa mutane tsarin kasuwanci. Da nake kwashe tarkacena daga durowa sai na ci karo da kwafin wani aiki mai shafi goma sha takwas, bangonsa shuɗi. Na daɗe ina kallonsa.

Mai aikin matashi ne, ya zo daga wani gari da ke da nisan tafiyar awa biyu daga Kano. Ya zauna ya ce, "Malam, bizines filan nake so a yi min." Na ce na wace sana'a? Ya ce kowacce, in dai tana kawo kuɗi. Nawa ne jarin? "Ka sa abin da ka ga ya dace." A ina za a yi, wa za a sayar wa? Sai ya yi dariya ya ce ai shi ya sa ya zo wurin masana.

Na shiga wurin Oga na ce, "Yallaɓai, wannan fa babu abin da zan kama." Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce in buɗe fayil ɗin kajin ƙwai da muka yi wa wani Alhaji bara, in canza suna da kwanan wata, mutumin ya riga ya biya rabin kuɗi. Na san ba daidai ba ne. Na kuma yi, don a lokacin ina ganin takardar ado ce kawai, za a kai wani wuri a nemi rance, a jefa ta cikin kwali tare da ɗaruruwan 'yan uwanta.

Ashe ba banki zai kai ba. Yayansa da ke aiki a Legas ne ya ce ba zai ba shi kuɗi ba sai ya ga tsari a rubuce. Ya gani, ya yarda, ya turo abin da ya sawwaƙa. Shi kuma yaron ya ɗauki takardata kamar karatun allo, ya bi ta layi-layi. Na rubuta 'yan tsaki 500, ya sayi 500.

Duk wanda ya taɓa kiwon kajin ƙwai ya san inda gizo ke saƙa. Kaza ba ta fara ƙwai sai ta kai wajen mako 18 zuwa 20, kuma kafin nan kowacce za ta ci abinci kusan kilo bakwai. Kaji 500 ke nan sun lashe kilo 3,500, wato buhu 140 na kilo 25, ba tare da ka ga ƙwai ko ɗaya ba. Ga rigakafin Gumboro da Lasota, ga gawayin ɗumama su a makonnin farko, ga diddigar katako ta shimfiɗa. Alhajin da muka yi wa tsarin tun asali yana da kuɗin da zai ɗauki wannan wata biyar ɗin yana barci. Kuɗin yaron nan, bayan ya gina ɗaki ya sayi 'yan tsaki, bai wuce na buhu sittin da 'yan kai ba. A mako na goma sha biyu abinci ya ƙare. Ya fara haɗa musu da dusa, suka tsaya ba sa girma, daga ƙarshe ya sayar da su a wulaƙance ga wanda ya san yana cikin matsi.

Da na tsaya na ji jarin, lissafin bai fi na minti goma ba. A cire kuɗin ɗaki da mazuban abinci da ruwa, a raba abin da ya rage da abin da kaza ɗaya za ta ci har ta fara ƙwai, a bar wani abu a gefe saboda mace-mace da tashin farashin abinci. Da amsar ta fito kaji 200 ko ƙasa da haka. Ko kuma in ce masa ya fara da kajin nama, waɗanda ake fitarwa a mako shida zuwa takwas, ya auna su daidai da Sallah, kuɗinsa ya juya kafin ya galabaita.

Ko da kuɗin ya isa ma, wurin da ban tambaya ba zai kayar da shi. A tsarin Alhaji akwai burtsatse a gona, don haka layin kuɗin ruwa babu ko sisi. Shi kuwa yaron a bayan gidansu ya yi ɗakin, ruwa sai na 'yan garuwa. Kaji 500 manya suna shan sama da lita ɗari a rana, in zafin Afrilu ya kama kuma abin ya ƙaru sosai, banda wanke-wanke. Sai masu saye. Idan kaji 400 cikin 500 suka yi ƙwai a rana, kiret goma sha uku ke nan da ɗoriya, kullum ta Allah. A Kano dillali ɗaya zai kwashe. A garinsu masu shayi ne da 'yan kantuna, kowa kiret ɗaya ko biyu, galibi kuma sai an sayar a biya, alhali kajin suna cin fiye da buhu biyu a rana kuma mai abinci ba ya jira. A takardata an rubuta "otal-otal da manyan shaguna". Garin babu otal ko ɗaya.

Ya dawo bayan wata biyar, da takardar a hannu duk ta yi datti, ya ja layi da biro a ƙarƙashin adadin ribar shekarar farko. Bai yi faɗa ba, abin da ya fi min ciwo ke nan. Cewa kawai ya yi, "Malam, ina ne na kuskure? Duk abin da ka rubuta na yi." Oga ya fito daga ofishinsa, a gabansa ya juyo ya ce min, "Kai ba ka yi masa tambayoyi ba kafin ka rubuta?" Na yi shiru. Har yau ban gaya wa Oga abin da ke bakina ba, kuma ba na jin zan gaya masa ranar sallama.

Tun daga nan na daina buɗe kwamfuta kafin in cika rabin shafi da hannu: me za ka sayar, nawa ke hannunka yau ba wanda kake sa rai ba, a wace unguwa, kuma ka kira min sunan mutum biyar da za su saya a makon farko. Wanda ya kasa amsawa ba na korarsa. Ina tura shi kasuwa ya yi kwana uku yana tambayar farashi, ya zauna da mai irin sana'ar, ya dawo. Da yawa ba sa dawowa, Oga kuma yana ƙirga su a matsayin cinikin da na kora. Na kuma gane cewa wanda ya ƙi faɗin jarinsa sau tari ba ɓoyewa yake ba, kunya yake ji don kaɗan ne, sai an rufe ƙofa an tambaye shi a hankali.

Sauran abin da na koya a wurin nan ƙanana ne. Rajistar suna a CAC ba ita ce kasuwanci ba, kuma duk tsohon fayil farashin cikinsa ya riga ya mutu.

Fayil ɗin kajin yana nan a kwamfutar ofis, a cikin folda mai suna "samfuri". Na ƙirga, an fitar da shi da suna daban-daban har sau tara, uku daga ciki da hannuna. Kwafin mai shuɗin bango dai na sa shi a jakata, da shi zan tafi.