Dala 106 da ta koma 97: yadda na ci bashi a kan ƙiyasin YouTube

Sana'ata gyaran waya, a kasuwar Farm Centre da ke Kano, kuma ina da 'yar tasha a YouTube inda nake nuna yadda ake canja bakin caji, da gano wayar da ruwa ya shiga, da irin waɗannan. Ƙanena ne ke riƙe min waya ya ɗauka, shi ne kuma ke yanka bidiyon da daddare. Sau biyu lambobin YouTube Studio, shafin da mai tasha ke duba lissafin tasharsa, suna sa ni tuntuɓe, kuma duka biyun laifina ne, don na ɗauki abin da ba a gama lissafawa ba a matsayin wanda aka gama.

Na farko ya faru ne lokacin da muke neman cika sharuɗɗan fara samun kuɗin talla: mabiya 1,000 da awannin kallo 4,000 cikin wata 12. Mabiya sun cika tuni. Wata safiya na buɗe Analytics, na zaɓi kwana 365, sai na ga awa 4,060. Har na kira ƙanena na ce ya zo mu nema. Da muka shiga shafin Earn, inda ake nuna awannin da aka amince da su, sai muka tarar da 3,710. Awa 350 sun yi ɓatan dabo.

Sai da na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya. Analytics yana tara duk kallon da aka yi, amma Earn yana ƙirga na bidiyon da ke buɗe ga kowa ne kawai. Gajerun bidiyona na Shorts da mutane ke wucewa a kansu ba sa shiga wannan lissafi, suna da nasu ma'aunin daban. Akwai kuma dogayen darussa biyu da na mayar Unlisted, wato sai wanda aka tura wa link ke ganinsu, don yaran da nake koya wa aiki, su ma ba sa ciki. Sauran gibin kuwa jinkiri ne kawai, don kallon 'yan kwanakin baya bai riga ya iso wannan shafi ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne wata 12 ɗin tafiya yake yi da kai. Kullum garin Allah ya waye, awannin rana irin ta yau a bara suna fita daga lissafi. Akwai satin da muka samu awa 90 sababbi, amma lambar ta ƙaru da 30 kacal, saboda wani bidiyon da ya yi tashe bara a daidai wannan lokaci yana zubewa ta baya. Kamar mai ɗebo ruwa ne a tulun da ke yoyo. Sai da muka ƙara sati biyar kafin mu haye.

Da na ɗauki darasi daga nan, da na biyun bai same ni ba.

A watan Yuni, watanmu na farko cikakke da talla, na ɗora bidiyo kan wayar da ke nuna tana caji amma batir ba ya hawa. Ya karɓu fiye da duk abin da na taɓa yi. Akwai wani akwati a Studio mai suna Realtime da ke nuna kallon awa 48 da suka wuce da na minti 60 da suka wuce, kuma a ranar na fi kallonsa fiye da wayoyin mutane da ke gabana. Kafin isha'i ya nuna sama da kallo 9,000. Na shiga shafin Revenue in ga abin da suka haifar, babu ko sisi. Washegari ma shiru. Zuciyata ta ba ni an cire min talla ne, har na fara bincika ko na karya wata doka. A rana ta uku kuɗin ranar farko suka bayyana. Ashe haka tsarin yake: Realtime ƙidayar gaggawa ce ta kallo kawai, ba ta san kuɗi ba, kuma ita kanta ƙiyasi ce da ake tacewa daga baya. Awannin kallo da kuɗin talla kan biyo baya da kamar kwana biyu.

Da lambobin suka fito sai ga wani ruɗanin. Na ɗora bidiyon da hantsin Asabar, amma kallon da na san an yi da asubahin Lahadi, lokacin da mutane ke duba waya bayan sallah, sai na same shi a jere ƙarƙashin Asabar. Dalili shi ne ranar Analytics tana bin agogon gaɓar yammacin Amurka, inda hedikwatar kamfanin take a California. Tsakaninmu da su awa 8 ne daga Maris zuwa farkon Nuwamba, awa 9 a sauran watannin. Wato a watan Yuni, sabuwar rana a wurinsu tana farawa da ƙarfe 8 na safe agogon Najeriya da Nijar. Duk wanda ke kwatanta Realtime da lissafin rana-rana bai san wannan ba, zai yi ta ganin kamar an sace masa kallo an kai wata rana.

To, ranar 3 ga Yuli na duba jimillar watan Yuni. Estimated revenue ya nuna dala 106.40. Na san AdSense, asusun Google da ake biyan kuɗin tallan ta cikinsa, ba ya biya sai kuɗi sun kai dala 100, kuma ga shi mun wuce. Kalmar Estimated ɗin, wato ƙiyasi, tana gabana ɓaro-ɓaro, amma ido ya tsallake ta ya faɗa kan lamba. A ranar na je wajen wani dattijo mai sayar da kayan sauti na karɓi makirfo da fitila bashi.

"Alhaji, zuwa 25 ga wata in sha Allah za ka ji alat," na ce masa.

"Kuɗin suna hannu ne, ko suna hanya?"

"Suna nan a rubuce, Alhaji, ga su ma." Na nuna masa waya.

Ya kalla, ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya kai mu. Ƙanena ma na yi masa alƙawarin kasonsa na farko.

Ranar 9 ga wata na sake buɗe watan Yunin nan dai, wanda ya riga ya ƙare, ban ɗora komai a cikinsa ba ban cire ba. Ya koma 101.90. Gabana ya faɗi, amma na ce ai har yanzu muna sama da ɗari. Kwana biyu bayan haka tabbatacciyar lambar ta sauka a AdSense: dala 97.15. Dala 2.85 ce ta raba mu da biya.

Daga baya na fahimci cewa kuɗin wata guda suna bi ta matakai ne. Abin da Analytics ke nunawa ana yi masa gyara sau biyu, na farko kamar mako guda bayan an samu kuɗin, na biyu a tsakiyar watan da ke biye. Lambar da aka kammala tana shiga AdSense tsakanin 7 da 12 ga wata, sannan a tura kuɗi tsakanin 21 da 26 idan sun kai dala 100. Idan ba su kai ba, ba a rasa su, ana ɗora su ne a kan na wata mai zuwa. Ni dai a ranar 3 ga Yuli, kuɗin kwanakin ƙarshe na Yuni ko gyaran farko ba a yi musu ba, balle na biyu.

Abin da ya taimake ni na gano inda dala 9.25 ɗin ta tafi shi ne, don murna na ɗauki hoton shafin ranar 3 ga wata, kowane bidiyo da kuɗinsa. Na ajiye shi gefe da sabon lissafi. Dala 6.10 daga bidiyo ɗaya ta fita, wanda muka ɗauka a bakin shago. Na koma jerin bidiyona na duba layin Restrictions, sai ga Copyright a rubuce. Ashe waƙar da ke tashi daga shagon maƙwabcina ta shiga sautin na kusan minti ɗaya, tsarin Content ID ya gane ta, kuɗin tallan bidiyon suka karkata ga mai waƙar. Sanarwar ta zo ta imel tun ƙarshen Yuni, ni kuwa imel ɗin tashar sai in yi sati ban buɗe ba. A cikin Studio na kashe sautin wannan gurbi, da'awar ta sauka, amma na kwanakin baya sun tafi.

Ragowar dala 3.15 ta warwatsu ne kaɗan-kaɗan a kan bidiyo da yawa. Irin wannan yankan shi ne na tace kallo da danna tallan da ba na gaskiya ba, don masu talla ba sa biyan su. A nan ma ba zan wanke kaina ba. Na taɓa roƙon 'yan zaurenmu na WhatsApp su bar bidiyona yana ta maimaita kansa, wasu kuma don ƙauna har talla suke dannawa ba tare da suna so ba. Na hana su tun daga lokacin, domin wannan ɗabi'a tana iya jawo a dakatar da tallan tasha gaba ɗaya. Yanzu idan lamba ta sauka, abin da nake fara dubawa ke nan: in ramin a bidiyo ɗaya yake, akwai da'awa ko wata alama a kansa da zan iya gyarawa. In kuwa ya bazu ko'ina da 'yan kwabbai, gyaran da aka saba ne.

Akwai kuma harajin Amurka da ake cirewa daga kuɗin da masu kallo na can suka kawo, wanda Analytics ba ya nunawa, sai a AdSense ake ganinsa. Masu kallona yawanci 'yan gida ne, don haka nawa bai taka kara ya karya ba, amma mai tashar da mazauna Amurka ke kallo sosai zai ji shi a jika.

Komawa wajen Alhaji ita ce ta fi wuya. Na ce masa kuɗin sun ƙi cika, sai Agusta. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ai na tambaye ka ko suna hannu." Na biya rabi daga kuɗin gyara, sauran ya jira ni. Ƙanena kuwa har yau in na ce masa bidiyo ya tashi, sai ya ce, "Yaya, a Realtime ko a AdSense?"

Yanzu ina da littafi a aljihun tebur mai layi uku ga kowane wata: abin da Analytics ya ce ranar 3, abin da AdSense ya rubuta bayan 12, da abin da ya shigo banki. A watannin da ba a samu da'awa ba, tazarar layi na farko da na biyu ba ta cika wuce dala biyu ko uku ba, akwai ma watan da ta ɗan haura sama. Sabon bidiyo kuma ba na yanke masa hukunci sai ya kwana uku, lokacin da awannin kallo da matsakaicin tsawon kallo suka zauna. Realtime ina duba shi a awa ta farko, don in tabbatar bidiyon ya fita kuma mutane na shiga, daga nan in kife wayar in koma kan aiki.

Ranar 22 ga Agusta aka turo na Yuni da na Yuli a haɗe, suka ƙara kwana uku kafin su bayyana a asusun banki. Da la'asar na kai wa Alhaji cikon kuɗinsa.